Lita Ɗaya da Rabi: Lissafin Wutar da Butar Shayi Ke Ci

A hunturun bara aka yi wata 'yar gardama a gidanmu. Katin wutar da ya saba kai mu ƙarshen wata ya ƙare tun ba a cika sati uku ba, mita ta kama kuka da tsakar dare. Gari na wayewa na tsaya a ƙofar kicin na nuna butar lantarki da yatsa, na ce ga ɓarauniyar nan. Uwargida mai son shayi ce, sau huɗu take dafawa a rana in sanyi ya sauko, saboda haka ta san inda maganar ta nufa. Ta ce, "Malam, butar da ba ta cika minti biyar a kunne? Ka dai binciki wani wurin."

'Yarmu da ke aji biyu a babbar sakandare ce ta raba mu. Ta ce, "Baba, ai wannan ba abin musu ba ne, lissafi ne. An koya mana a fiziks." Ta ɗauko littafinta, ni kuma na aro ma'aunin zafi irin na masu yin kek daga maƙwabta, muka zauna. Abin da muka yi a ranar shi zan kawo a nan, domin duk mai buta da agogo zai iya yin sa a gidansa, kuma amsar da zai samu ta fi zato da zargi.

Abu uku ne kawai ke yanke yawan makamashin da ake bukata don a ɗumama ruwa. Na farko nauyin ruwan. Na biyu tazarar da ke tsakanin zafin da yake da shi yanzu da zafin da ake so ya kai. Na uku wata ɗabi'a ce ta shi kansa ruwan, wadda zan kira cin zafi, kamar yadda muke cewa mota tana da shan mai ko dutsen guga yana da cin wuta. Cin zafin abu shi ne yawan makamashin da kilo ɗaya na abin zai haɗiye kafin zafinsa ya ɗaga da digiri ɗaya. A littattafan makaranta ana rubuta shi da ƙaramin harafin c, lissafin duka kuma ga shi:

Q = m × c × ΔT

Q shi ne makamashin, ana auna shi da jul. Harafin m nauyi ne a kilo. Wannan alama mai kusurwa uku da ke gaban T tana nufin bambanci, wato zafin ƙarshe a cire na farko.

Cin zafin ruwa jul 4,186 ne a kowane kilo a kowane digiri. Don sauƙi ana cika shi a ce 4,200, kuma a harkar buta wannan cikon ba ya ɓata kome. Lambar takan ɗan motsa tsakanin ruwan sanyi da ruwan zafi, amma motsin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Jul ba abu ne da aka saba ji a kasuwa ba, shi ya sa 4,200 zai iya wuce kunne kamar ba a ce kome ba. To, mu kai shi wurin gini. Buhun siminti kilo 50 ne. Idan lebura ya saɓa shi ya hau da shi sama mita takwas da rabi, kusan tsayin ɗakuna uku da aka ɗora kan juna, aikin da ya yi a kan buhun jul 4,200 ne. Wannan gumin duka, in aka mayar da shi zafi aka zuba a lita ɗaya ta ruwa, digiri ɗaya tak zai ƙara mata. Ko yatsa aka tsoma ba za a ji bambanci ba. Ruwa ke nan. A cikin abubuwan da muke taɓawa kullum da wuya a sami mai cin zafi kamarsa. Man gyaɗa kusan rabinsa yake ci, wajen 2,000. Sanholon da ake ƙera tukwane da shi wajen 900. Baƙin ƙarfe bai wuce 500 ba, tagulla kuwa ba ta kai 400 ba. Shi ya sa kaskon suya ke yin jau kafin ƙiftawar ido, tukunyar tuwo kuwa a yi ta jiranta. Kuma shi ya sa ruwan da ya yi zafi yake daɗewa bai huce ba: abin da ya sha da yawa, a hankali yake amayar da shi.

Kwatancen buhun siminti ba ƙirƙira ce ta banza ba, kusan haka aka gano lambar tun asali. James Prescott Joule, mutumin Salford kusa da Manchester a Ingila, wanda aka haifa a 1818, shi ne ya ɗaura ƙarafa masu nauyi a igiya, suna sauka suna juya wata filafili a cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana duban yadda zafin ruwan ke tashi kaɗan-kaɗan. Sakamakon da ya buga a 1850 bai saɓa wa lambar yau da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma sunansa ne aka laƙaba wa ma'aunin. Kafin shi da shekaru kusan casa'in, Joseph Black a Glasgow ya riga ya nuna cewa yawan zafin da abu ya sha daban, matsayin da ma'auni ke nunawa daban, kuma kowane abu da irin cikinsa.

Mu koma kicin. Ruwa yana da wata alfarma da ke sauƙaƙa aiki: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ba sai an nemo sikeli ba. Ledar fiya-wata rabin lita ce, wato rabin kilo. Muka fasa guda uku a buta, ya zama m ɗinmu 1.5. Ledojin sun wuni a ɗaki, ma'auni ya nuna digiri 25. (A kula, kada a ɗauko ma'aunin zazzaɓi don wannan aiki. Iyakarsa digiri 42 ko kusa da haka, ruwan zafi zai lalata shi.) Tafasa kuma muka ɗauke ta a digiri 100, saboda haka tazarar 75 ce.

Q = 1.5 × 4,200 × 75 = 472,500

Jul 472,500. In aka raba da 4,200 za a ga leburan nan sai ya yi sawu 112 da buhunsa kafin a sha shayi. Na daɗe ina kallon wannan lamba. Mun saba danna maɓalli mu juya baya, har mun manta irin aikin da ke gudana cikin minti huɗu.

Sai dai mita ba ta san jul ba, yunit ta sani. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 za ta ci a awa guda. Wat ɗaya kuwa jul ɗaya ne a kowane sakan, awa kuma sakan 3,600 ce, don haka yunit ɗaya jul 3,600,000 ne. Muka raba 472,500 da wannan, muka sami 0.13. Wato tafasa buta ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na yunit ba. Uwargida da ke yanka albasa ta ɗago kai ta dube ni, ba ta ce uffan ba.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, ni ma ina cikinsu kafin ranar. Mukan ga an rubuta wat dubu biyu a jikin buta mu ce lalle wannan ita ke cinye kati, mu ga ƙaramar hita mai wat dubu ɗaya mu ce wannan mai tattali ce. Duba lissafin da kyau: babu wat a cikinsa ko kaɗan. Ruwan jul 472,500 yake bin ka bashi, ko da me za ka biya shi. Wat yana faɗa maka saurin biyan ne kawai. Buta mai wat 2,000 tana zuba jul 2,000 a sakan, saboda haka za ta gama a sakan 236, minti huɗu ba kaɗan. Mai wat 1,000 za ta ɗauki kusan minti takwas, kuma a ƙarshe mita abu ɗaya za ta cire. Hasali ma mai jinkirin takan ɗan fi ci, domin tsawon lokacin da ta ɗauka zafi yana ta yoyo ta jikinta zuwa iska.

Amma wat yana da nasa hukuncin a wani wuri. Wanda ya taɓa jona buta a ƙaramin janareta irin na shago ya ji yadda yake shaƙewa ya mutu nan take, domin ƙarfinsa bai kai wat dubu ɗaya ba, ita kuwa dubu biyu take nema a lokaci guda. Haka mai inbata da batir mai bolt 12: makamashin buta ɗaya ba wani abu ba ne a wurin babban batir, amma fitar da wat 2,000 daga bolt 12 yana nufin jan amfiya sama da 160 a cikin waya. Ko a wutar gari mai bolt 230, amfiya kusan tara buta ke ja, shi ya sa siririyar wayar ƙari ke yin zafi har robarta ta yi laushi. Buta soket ɗin bango take so, ita kaɗai.

Inda agogo ya saɓa wa takarda

Lissafi ya ce sakan 236. Muka rufe buta, 'yar ta danna agogon waya, na danna maɓalli. Da farko shiru, sai wannan ƙugin da ke tashi kamar mota na tahowa daga nesa, sai ya lafa, sai ɓulɓula, sai ƙas, ta kashe kanta. Minti huɗu da rabi cif, sakan 270.

Yarinya ta ɓata rai, a zatonta ta yi kuskure. Ba kuskure ba ne, kuma a ganina wannan giɓin na sakan 34 ya fi lissafin kansa amfani. Ruwa ba ya tsami banza. A sakan 270 buta ta ja jul 540,000 daga bango, ruwa ya karɓi 472,500, saura 67,500. Ina suka tafi?

Wani kaso jikin butar ne ya sha. Ita ma ƙarfe ce, ita ma ta tashi daga 25 zuwa kusan 100, kuma lissafin nan bai bar ta a baya ba. In muka ɗauka ƙarfen da ke taɓa ruwa giram 600 ne, to 0.6 sau 500 sau 75 zai ba da jul 22,500. Kashi ɗaya cikin uku na abin da ya ɓace ke nan. Sauran ya bi iska ta bangon buta, ya bi tururin da ke fita ta baki tun kafin tafasa, wani kuma ya tafi a 'yan sakan ɗin ƙarshe da ruwa ke ɓulɓula kafin maɓalli ya faɗi. In aka raba 472,500 da 540,000 za a ga kashi 87 cikin ɗari na wutar ne ya shiga ruwa. Wannan lafiyayyar buta ce. Tsakanin 80 da 90 shi ne abin da ake sa rai daga butar lantarki, kuma dalilin kyan nata shi ne abin da ke ba da zafin yana manne da ruwan, babu harshen wutar da iska za ta kaɗa.

Sauran hanyoyin dafuwa ba su da wannan gata. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da jul wajen miliyan 46, ke nan a takarda giram 10 ya isa butarmu. A zahiri kusan rabin zafin yana zagaye gindin tukunya ya tafi, sai an ƙona wajen giram 20. Busasshen itace yana da wajen miliyan 15 a kilo, a takarda giram 30 da 'yan kai. Amma a murhun duwatsu uku da ke fili, abin da ke shiga tukunya kashi 10 zuwa 15 ne kawai, don haka sai an ƙona giram 200 zuwa 300. Lambar da ruwa ke nema ba ta canza ba, hanyar kai masa ce ke da ɓarna. Wanda ya kare murhunsa daga iska ya kuma rufe tukunya, wannan ɓarnar yake ragewa.

To in agogo ya nuna minti bakwai ko takwas fa? Nan ne buta ta zama abin gwajin wutar unguwa. Juya ta ka karanta abin da ke gindinta. Tamu an rubuta 220–240V da kuma 1850–2200W. Lambobi biyu-biyu ne saboda ƙarfin buta ba tsayayye ba ne, yana bin ƙarfin wutar da ta samu: a bolt 220 tana ba da wat 1,850, a 240 tana ba da 2,200, a 230 kuma wajen 2,000, wanda muka yi aiki da shi. Kuma faɗuwar ba ɗaya-da-ɗaya ba ce. In bolt ya ragu, abin da ke gudana a waya shi ma ya ragu, sai raunin ya zo ta fuska biyu. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, irin wadda fanka ke juyawa kamar ba ta so, a ce bolt 180, butar nan wat 1,240 kawai take bayarwa. Ruwan da ke tafasa a minti huɗu da rabi sai ya haura minti bakwai. Mutane kan ce buta ta tsufa, su je su sayo sabuwa, alhali wutar ce. Gwajin mai sauƙi ne: a auna lokaci da ruwa iri ɗaya da safe, a sake da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. In lokacin ya bambanta sosai, buta ba ta da laifi.

In kuma lokacin ya yi tsawo safe da yamma, a leƙa ciki. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana barin wani farin ɓawo mai kama da alli a gindin buta. Ɓawon nan yana tare zafi, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya yi ta ƙuna fiye da kima har wata rana ya mutu, wani lokaci kuma buta ta riƙa kashe kanta ruwa bai tafasa ba. Ruwan lemun tsami da aka tafasa a ciki aka bar shi ya jiƙa yana narkar da shi.

Akwai wani ɗan gyara da ya kamata in faɗa don kada malaman fiziks su kama ni. Digiri 100 tafasar bakin teku ce. Duk hawan mita 300 yana rage mata kimanin digiri ɗaya, saboda nauyin iskar da ke danne ruwa yana raguwa. A Kano, da ke sama da teku da mita kusan 500, ruwa yana tafasa a wajen 98 da rabi. A Jos, da ta kai mita 1,200, wajen 96 ne. A lissafinmu na Kano bambancin kashi biyu ne cikin ɗari, bai kai a sake zama ba. Amma wanda ya tsoma ma'auni a Jos ya ga ya tsaya a 96 kada ya ce ma'aunin ya lalace.

Abin da ya fi wannan tasiri shi ne zafin farko. Ruwan da ya kwana a tankin kan rufi a tsakiyar hunturu zai iya sauka zuwa digiri 15 da asuba, tazararsa ta zama 85, jul ɗinsa 535,500. Tankin nan dai da azahar ɗin bazara zai iya ba da ruwa mai digiri 35, tazara 65, jul 409,500. Buta ɗaya, ruwa ɗaya, amma na hunturu ya ɗara na bazara da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kuma a nan ɗalibai ke faɗawa rami. Wani ya sa 100 a gurbin ΔT, ya manta bambanci ake nema ba zafin ƙarshe ba. Wani ya rubuta 1,500 saboda ya ga mililita a jikin buta, ya ninka da 4,200 na kilo, amsarsa ta kumbura sau dubu. Maganin wannan shi ne a riƙa mayar da amsa zuwa lokaci a tambayi hankali: in lissafi ya ce buta za ta yi sakan 236,000, kusan kwana uku, to an haɗa giram da kilo. Wani kuma ya ɗauka kowace lita kilo ce, ya manta wannan gatan ruwa ne, litar man gyaɗa wajen giram 900 take.

Inda lissafin ya ƙare

Da zarar ruwa ya tafasa, Q = m × c × ΔT ya ajiye aiki. Dalili kuwa ΔT ya zama sifili: ko a ƙara wuta ninki goma, ruwa mai ɓulɓula a buɗaɗɗiyar tukunya ba zai ƙara ko digiri ɗaya ba. Duk zafin da ke shiga yana tafiya ne wurin mayar da ruwa tururi, kuma wannan aikin ya fi ɗumamawa tsada nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na tafasasshen ruwa yana bukatar jul 2,260,000 kafin ya ƙone ƙurmus, fiye da ninki biyar na abin da zai ɗauke shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan ɓoyayyen zafin shi ma Joseph Black ne ya fara bayyana shi. Shi ne kuma ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, domin tururin da ya sauka a fata ya koma ruwa yana sauke mata duk abin da ya ɗauko.

A buta mai wat 2,000, kowane minti na ɓulɓula jul 120,000 ne, abin da ake samu kuwa shi ne asarar ruwa giram 50 da ɗoriya. Minti huɗu na wannan sun cinye kwatankwacin tafasa wata butar sabuwa. Butar da ke kashe kanta tana da wani ɗan faifan ƙarfe da ke lanƙwashewa in tururi ya buge shi, shi ne ke ture maɓalli. In an bar murfi a buɗe, ko maƙallinsa ya karye, tururi sai ya miƙe sama bai bi ta hanyar faifan ba, buta ta yi ta tafasa ba mai tsayar da ita. Na ga gidajen da ake ɗora dutse a kan murfin da ya lalace, kuma gaskiya gara haka da a bar shi a wangale. Masu shayin bakin titi sun daɗe da sanin wannan ba tare da takarda ba: da ruwa ya tafasa sukan janye itace ko su rage gas, su bar 'yar wutar da za ta riƙe shi kawai.

Saura hukuncin gardama. Buta ɗaya tare da ɓarnarta jul 540,000 ce, wato yunit 0.15. A ce ana sayar maka da yunit a kan naira 200, kowa ya sa farashin da ke kan rasit ɗinsa. Naira 30 ke nan. Sau huɗu a rana har kwana talatin, yunit 18, naira 3,600 a wata. Kuɗi ne, amma bai isa ya kashe kati a sati uku ba. Abin da na iya kama uwargida da shi ɗaya ne: takan cika buta har layin MAX don kofi biyu. Kofi ɗaya kwatan lita ne, jul 78,750, abin da buta ke gamawa cikin sakan arba'in da 'yan kai. Kofi biyu rabin lita ne, kashi ɗaya cikin uku na abin da take tafasawa, sauran ya zauna ya huce a banza. Ta yarda da wannan, da sharaɗin ba za a sauka ƙasa da layin MIN ba, kuma ta yi daidai, domin buta mai ƙarancin ruwa ita ke ƙonewa.

Sai ta ce, "To Malam, a lissafa ruwan wanka."

Bokitin wanka lita 15 ne. Ruwan tanki da asuba digiri 15, wanda jiki ke jin daɗinsa kuma wajen 40, tazara 25. A ninka 15 da 4,200 da 25, jul 1,575,000. Tare da ɓarna, rabin yunit. Haka amsar take ko an tsoma hita a bokitin an ɗumama shi duka, ko an tafasa kaɗan an sirka, domin zafin da tafasasshen ruwa ya sauke shi ne na sanyin ya ɗauka. Kowace litar tafasasshe tana sauka digiri 60, kowace litar sanyi tana hawa 25, in aka daidaita su a lita 15 sai a ga ana bukatar tafasasshe lita huɗu da kusan rabi. Buta uku ke nan, daidai abin da yara ke jerawa a bakin banɗaki kowace safiya. Bokiti shida ake yi a gidan a rana, yunit uku, yunit 90 a wata, naira 18,000, ninki biyar na shayin. Biyu daga cikin bokitan shida nawa ne, safe da dare, kuma ni ne mai cewa a ƙara buta ta huɗu don ruwan bai yi mini ba. Ashe mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi.

Abubuwa ukun nan dai su ne wurin gyara, kuma ɗaya daga cikinsu, cin zafin ruwa, ba a taɓa shi. Saura nauyi da tazara. Muka koma tara ruwan wanka tun da yamma, lokacin da rana ta gasa tanki, mu shigar da bokitan ɗaki mu rufe. Da asuba ma'auni yakan nuna wajen 22 maimakon 15, tazarar ta dawo 18 maimakon 25, sama da kwata na wutar ya ragu ba wanda ya yi wanka da ruwan sanyi. Yara ƙanana kuma aka mayar da su lita goma, wadda dama ta ishe su.

Mai karatu, kafin ka ɗora wa kowa laifi a gidanka, fasa leda uku a buta, rufe murfi, duba agogo. In wutar unguwarku na da ƙarfi kuma butar mai wat dubu biyu ce, tsakanin minti huɗu da biyar za ta kashe kanta.